Shafin Godiya Ba Rasit Ba Ne: Martani Kan Odar Da Aka Biya Ta Ƙi Nunawa

Na karanta makalar da wani ɗan'uwa mai sana'ar rubuta manhaja ya fitar kan matsalar da ke hana masu shagunan intanet barci. Mai saye ya biya, banki ya cire masa kuɗi, kamfanin karɓar kuɗi ya nuna masa an yi nasara, amma idan mai shago ya buɗe littafin odarsa sai ya tarar tana nan a jerin waɗanda ba a biya ba. Malam ya gano inda abin yake tsinkewa, wato sanarwar nan da kamfanin yake aiko wa sabar shago ta bayan fage, wadda za ka gani da sunan `webhook` a shafin saituna. Idan ba ta iso ba, oda ba ta motsi. Har nan muna tare da shi.

Inda muka rabu shi ne shawarar da ya bayar. A ganinsa, tunda sanarwar tana iya ɓacewa, to a daina jiranta gaba ɗaya. Da zarar an dawo da mai saye shafin godiya na shago, a rubuta cewa ya biya, a wuce wurin. Ya kafa hujja da cewa kamfanin ba ya dawo da mutum wannan shafi sai bayan ya gama biya, kuma bai kamata a bar kwastoma yana jiran wani saƙo da shi bai ma san da zamansa ba. Ya ƙara da cewa ƙaramin shago ba shi da ƙarfin ɗaukar tsari mai rassa da yawa. Malam, tausayin kwastoman da ka ji daidai ne, amma wanda ya bi shawararka zai ci gaba da samun odar da aka biya ba ta nuna ba, sannan ya ƙara da wata sabuwa: odar da ta nuna an biya alhali ko kwabo bai shigo ba.

Zan yi magana a kan Paystack saboda shi ne yawancin shagunan Najeriya da na sani suke amfani da shi, ko da yake tsarin kusan ɗaya ne a sauran kamfanonin. Idan mai saye ya danna maɓallin biya, sabar shago takan kira `/transaction/initialize`, ta ba da imel ɗinsa, da adadin kuɗi a kwabo, da wata lamba da ake kira `reference` wadda ita ce sunan wannan ciniki daga farkonsa har ƙarshensa. Kamfanin ya mayar da adireshin shafin biya, mai saye ya tafi can ya biya. Daga nan labari yakan fito ta hanya biyu da ba su haɗa komai ba. Ta farko tana bi ta wayar mai saye: ana tura burawzarsa zuwa `callback_url` da shago ya bayar. Ta biyu ba ta taɓa wayarsa ko kaɗan: sabar kamfanin ce take aiko wa sabar shago saƙo mai suna `charge.success`. Malam ya ga hanya ta biyu tana tsinkewa, sai ya ce mu koma ta farko. Bai tsaya ya duba me ta farkon take ɗauke da shi ba.

Ga abin da take ɗauke da shi:

```
https://shago.example/gama?trxref=ODA-2041&reference=ODA-2041
```

Shi ke nan. Babu sa hannu, babu adadin kuɗi, babu wata shaida cewa daga kamfanin aka fito. Duk yaron da ya taɓa sayen abu ɗaya a shagon ya ga yadda adireshin yake. Zai iya zaɓar kaya na naira dubu ɗari, ya kai har shafin biya, ya ƙi biya, ya rubuta wannan adireshi da hannunsa da lambar sabuwar odarsa, shago ya rubuta masa an biya. 'Yan kasuwarmu sun daɗe da sanin wannan a Kantin Kwari da Sabon Gari: mutum ya miƙo maka wayarsa ya ce ga shi taransifa ta tafi, kai kuwa ba ka sallamar kaya sai ka gani a naka asusun. Shafin godiya wayar mai saye ce aka miƙo maka.

Ko da za mu ɗauka kowa mai amana ne, hanyar ta fi sanarwar da Malam yake kuka da ita rauni. Mai biya ta taransifa dole ya bar burawza ya shiga manhajar bankinsa. Wayar da ba ta da isasshen wurin ajiya takan rufe shafin da aka bari a baya. Wani kuma datarsa ce za ta ƙare, wani sabis ya ɗauke masa, wani da ya ga alat na cire kuɗi ya sa waya a aljihu ya ci gaba da harkarsa. Duk waɗannan sun biya, babu kuma wanda ya dawo shafin godiya. A tsarin Malam babu abin da zai taɓa sauya odarsu, domin burawzar da aka rufe ba ta sake ƙoƙari.

Sanarwar kuwa tana sake ƙoƙari, kuma wannan ne abin da makalar ta tsallake. A ƙa'idar Paystack, idan sabar shago ba ta amsa da `200 OK` ba, za a sake aikowa duk bayan minti 3 har sau 4, daga nan kuma duk bayan awa guda har tsawon awa 72. Stripe ma yana ci gaba da gwadawa har kusan kwana uku. Ashe sanarwar da aka ce ta ɓace, an ƙwanƙwasa ƙofar shago da ita sau da dama. Ɗaukewar wuta ta minti goma ko sake kunna saba ba sa cinye awa 72. Idan an yi kwana uku ana aikowa ba ta shiga ba, yawanci akwai wani abu a gefen shago da yake mayar da ita kowane lokaci, kuma abin ba zai gyara kansa ba.

Bari mu bi misali ɗaya daki-daki. A ce shago ne na atamfa da shadda a Kano, an gina shi da Laravel. Wata Hajiya ta zaɓi turmi ɗaya na naira 18,500, aka buɗe mata oda mai lamba `ODA-2041`, aka aika wa kamfanin adadi `1850000` tunda kwabo ake ƙirgawa. Ƙarfe 9:04 na safe ta biya da kati, aka dawo da ita shafin da ke cewa an gode. Shafin nan rubutu ne kawai da aka liƙa, bai tambayi kowa komai ba, yana yi wa duk wanda ya iso godiya. A daidai wannan lokaci sanarwa ta iso sabar shago, ga kuma abin da rajistar saba ta rubuta:

```
09:04:31 POST /webhook/paystack 419
09:07:33 POST /webhook/paystack 419
09:10:35 POST /webhook/paystack 419
```

Lambar `419` ita ce amsar da Laravel yake bayarwa idan an aiko `POST` ba tare da alamar `CSRF` ba. Wannan kariya ce mai kyau da aka tanada domin fom ɗin da mutane ke cikawa a burawza, sai dai sabar kamfanin karɓar kuɗi ba ta da wannan alama, ba kuma za ta taɓa samunta ba. Saboda haka an kore ta tun daga bakin ƙofa, kafin ko layi ɗaya na abin da mai manhajar ya rubuta ya yi aiki. Gyaran bai wuce a cire wannan adireshi ɗaya daga binciken ba. A Laravel 11 ana yin sa a `bootstrap/app.php`:

```php
$middleware->validateCsrfTokens(except: ['webhook/paystack']);
```

Amma kafin a gano, ga abin da ya faru da Hajiya. Shagon yana soke duk odar da ta yi awa guda ba a biya ba, domin kaya su koma kasuwa. Ba baƙon tsari ba ne, WooCommerce ma yana da saitin `Hold stock (minutes)` da yake zuwa da 60. Ƙarfe goma da 'yan mintuna aka soke `ODA-2041`, da azahar wata ta sayi turmin, shi ne kuma na ƙarshe a wannan zanen. Hajiya ta ji shiru, ta kira, yaron shago ya duba ya ce ba a ga kuɗinta ba. Idan mai haƙuri ce ta sake biya, a ci kuɗinta sau biyu. Idan ba ta da haƙuri, sunan shagon ya shiga bakin duniya.

Malam zai ce ai da an bi shawararsa da Hajiya ta samu turminta. Gaskiya ne, ita ta samu, tunda ta dawo shafin. Amma akwai hanyar da za ta samu turmin a daidai wannan daƙiƙa ba tare da an buɗe wa ɓarawo ƙofa ba, ita ce kuma ban ga an ambata a makalar ba ko sau ɗaya. Shago yana iya tambayar kamfanin da kansa, saba da saba, da mabuɗinsa na sirri:

```
GET https://api.paystack.co/transaction/verify/ODA-2041
Authorization: Bearer sk_live_...
```

Wannan tambaya ba ta bi ta hannun mai saye ba, ba kuma ta jiran a aiko. Abin da ya dace shafin godiya ya yi ke nan: ya ɗauki lambar da ke cikin adireshi a matsayin wadda za a bincika kawai, ya yi tambayar, sannan ya faɗa wa mai saye abin da aka amsa. Idan an biya, ya ce an biya. Idan ba a kammala ba, ya ce ana jiran tabbaci, kada ki sake biya.

A nan ma akwai rami, na kuma ga ƙwararru sun faɗa shi. Amsar tana da `status` guda biyu:

```json
{
  "status": true,
  "message": "Verification successful",
  "data": { "status": "abandoned", "amount": 1850000, "currency": "NGN" }
}
```

Na waje yana cewa tambayarka ta isa kuma an amsa ta. Na ciki, `data.status`, shi ne yake maganar kuɗi, a nan kuwa cewa yake mai saye ya fara ya watsar. Wanda ya duba na waje kaɗai zai sallami kaya ga duk wanda ya buɗe shafin biya ya rufe. Sai na ciki ya zama `success` ake maganar an biya. Bayan haka a gwada `amount` da `currency` da abin da shago ya rubuta a rumbunsa lokacin buɗe oda, domin a shagon da ake saka adadin daga cikin burawza, mai wayo yana iya mayar da 18,500 ta koma 100, ya biya ɗarin, a kuma ba shi `success` na gaskiya. Sai a tabbatar lambar ta wannan oda ce, ba wadda aka riga aka sallami wani kaya da ita ba.

To idan tambayar nan tana wadatarwa, me ya sa nake kare sanarwar? Saboda tambaya tana bukatar abin da zai tayar da ita. Dawowar mai saye tana tayar da ita ga waɗanda suka dawo. Sanarwa tana tayar da ita ga waɗanda ba su dawo ba. Saura waɗanda ba su dawo ba kuma sanarwarsu ta faɗi, kamar mai taransifar da ta biya a ranar da ake ta mayar da `419`. Su kuma sai wani ɗan aiki da saba take yi da kanta lokaci-lokaci, a ce duk minti biyar, ta hanyar `cron`: ya tattaro odar da suka wuce minti goma suna jira, ya tambayi kamfanin ɗaya bayan ɗaya. Mai soke oda ma kada ya soke sai ya yi wannan tambaya tukuna. Da shagon atamfar yana da wannan kaɗai, da an gyara odar Hajiya kafin ƙarfe tara da rabi, duk da cewa sanarwa ba ta shiga ba.

Na san abin da Malam zai faɗa, ya ma riga ya faɗa: ai wannan shi ne tsari mai rassan da ƙaramin shago ba zai iya ba. Ban yarda ba. Aiki ɗaya ne ake rubutawa, a ba shi lamba, ya tambaya, ya gwada adadi, ya sauya oda. Wurare uku ne kawai suke kiransa. Abin lura guda shi ne suna iya kiransa a lokaci ɗaya, misali Hajiya ta dawo shafi a daidai daƙiƙar da sanarwa ta iso, ko kuma sanarwa ɗaya ta zo sau biyu, abin da yakan faru idan saba ta yi aikin amma amsarta ta makara. Idan ba a yi hattara ba za a aika turmi biyu, ko a zuba wa mutum kuɗi sau biyu a asusunsa na shago. Maganin yana cikin umarnin da ake ba rumbun bayanai:

```sql
UPDATE oda SET matsayi = 'biya'
WHERE reference = 'ODA-2041' AND matsayi = 'jira';
```

Wanda ya riga isa zai sauya layi ɗaya, shi ne kuma zai aika rasit ya umarci a ɗaure kaya. Wanda ya zo daga baya zai tarar babu layin da ya sauya, ya koma bai yi komai ba. Kada a yi shi a mataki biyu, wato a fara karanta matsayin sannan a dawo a rubuta, domin tsakanin karantawa da rubutawa ne su biyun suke tarar da oda tana jira.

Wani abin da ya dame ni da makalar shi ne ta ɗauki ɓatan sanarwa kamar ƙaddara, abin da ba a binciken dalilinsa. Alhali rajistar saba takan faɗi dalilin a fili. Idan babu alamar saƙon kwata-kwata, a fara da shafin saituna: akwai gurbin adireshi na gwaji daban da na ainihin ciniki, mutane da yawa kuma sukan cika na gwaji, komai ya yi aiki, ranar buɗe shago su manta da ɗayan. Idan an cika, a duba ko katangar tsaro ce ta ɗauki sabar kamfanin a matsayin ɗan kutse. Idan an ga `301` ko `302`, adireshin da aka bayar ana karkatar da shi ne, wataƙila an rubuta `http` maimakon `https`, ko an bar `www`, ko babu `/` a ƙarshe, kuma saƙon `POST` ba ya tsira da kayansa a irin wannan karkatarwa. `403` a Django 'yar'uwar `419` ce a Laravel.

Akwai kuma wadda shago da kansa yake ƙi saboda sa hannu. Kowace sanarwa tana zuwa da `x-paystack-signature`, wanda aka lissafa da `HMAC SHA512` daga jikin saƙon da mabuɗin sirri na shago. Dole ne a gwada shi, in ba haka ba kowa yana iya aiko `charge.success` na ƙarya. Amma idan saba tana riƙe da mabuɗin gwaji alhali cinikin na gaske ne, lissafin ba zai taɓa dacewa ba. Haka nan idan an warware saƙon aka sake haɗa shi kafin a lissafa, harafi ɗaya ya sauya, sa hannu ya rushe. A lissafa a kan ɗanyen saƙon yadda ya iso.

Wadda ta fi duk waɗannan muni ita ce `200` da ba a yi aikin ba. Mai manhaja ya ji an ce a amsa da sauri, sai ya amsa tun kafin ya ajiye komai, sannan aikin ya faɗi a bayan fage, ko ya nemi odar da lambar da ba ita aka aika wa kamfanin ba, bai same ta ba, ya yi shiru. A wurin kamfanin an isar da saƙo, ba za a sake aikowa ba, awa 72 ɗin nan ba ta ma fara ba. Amsa da sauri daidai ne, aika imel da buga rasit su jira. Amma a fara rubuta saƙon a rumbu, sannan a ce an karɓa. Idan rubutawar ta gagara, gara a amsa da `500` a sake aikowa.

Ba na cewa tsarin da nake karewa ya rufe kowace kafa. Taransifa tana iya makalewa a tsakanin bankuna ta iso bayan an soke oda da gaskiya, a lokacin da kamfanin ma bai ga kuɗin ba. Umarnin da na nuna a sama ba zai taɓa irin wannan oda ba, tunda matsayinta ya bar `jira`, haka kuma ya kamata, domin wataƙila kayan sun tafi. Abin da ake bukata shi ne kada ta wuce a ɓoye: a ware ta a jerin da mutum zai gani, ya kira mai kuɗin, ko a ba ta wani turmin ko a mayar mata. Shi ya sa kowace safiya yana da kyau a jawo jerin cinikin jiya da suka yi nasara daga `/transaction`, a jera su da odar da aka rubuta an biya. Duk lambar da ke can ba ta nan, kuɗin wani ne a hannun shago ba tare da kaya sun fita ba.

Ga gwajin da nake roƙon Malam ya yi a nasa tsarin, da mabuɗan gwaji, ba sai ya kashe ko sisi ba. Ya buɗe oda, kada ya biya, ya rubuta adireshin shafin godiya da hannu, ya ga me shagon zai ce. Ya buɗe wata, ya biya, ya rufe burawza kafin a dawo da shi, ya ga ko odar za ta taɓa sauyawa. A tsarin da na bayyana, ta farko za ta ci gaba da jira, ta biyu kuma za ta koma an biya da isowar sanarwa. Sai a goge adireshin sanarwar daga saituna a maimaita na biyun: odar za ta yi jinkirin kamar kwata guda, har aikin `cron` ya iso kanta.